Kafin ka biya kuɗin mota ta hannu, ka shiga ƙarƙashinta: tsatsa, ƙafafu da yoyon mai

A wuraren sayar da motocin hannu na Yamai, Maradi ko Damagaram, mai saye yakan zagaya mota, ya shafa fenti, ya kunna rediyo da na'urar sanyi, ya saurari ƙarar inji, sannan a zauna ciniki. Ƙarƙashin motar kuwa ba safai ake leƙa shi ba, alhali nan ne tarihinta yake. Ana iya sake fenti a kwana biyu, ana iya canja kujeru, ana ma iya mayar da lissafin kilomita baya. Amma ƙarfen da tsatsa ta cinye, da robar da ta tsage, da man da ke tsiyaya, suna nan a ƙasa ga duk wanda ya sunkuya da cocila.

Amfanin wannan dubawa shi ne ta raba maka lahani gida biyu. Akwai lahanin da ake gyarawa da kuɗi sananne, wanda za ka sa a rage maka daga farashi. Akwai kuma lahanin da ba ya gyaruwa yadda ya kamata, wanda in ka gan shi sai ka yi sallama da mai mota, ka tafi da kuɗinka. Rabin awa ya isa a gane wanne ne a gabanka.

Inda za a duba, da abin da za a tafi da shi

Kwanciya a ƙasa a leƙa daga gefe ba ya wadatarwa. A kai motar garejin da ke da fos, wato ramin da makanikai ke shiga in za su yi bidanji, ko wanda ke da na'urar ɗaga mota. Ka tafi da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali kamashonsa yana cikin a yi ciniki. Kayan aikin kaɗan ne: cocila mai haske sosai, turnabis babba, ƙaramar guduma, ƙarfen banƙara taya, tsumma fari, kwali mai faɗi da ɗan maganaɗisu.

In babu fos sai an ɗaga da kirik, to kada kowa ya shiga ƙarƙashi sai an kafa motar bisa shandel, ƙafafun ƙarfen nan da ake tokare mota da su, a kan ƙasa mai tauri. Kirik kaɗai yakan zame, musamman a kan yashi, kuma ƙaramar mota ma ta fi ton ɗaya nauyi. Mai motar da ya ƙi yarda a kai ta fos, wannan ƙin nasa ma amsa ce.

Tsatsa: daga ina take zuwa?

Ƙasarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a Tawa ko Agadas ba ta cika yin tsatsa mai tsanani ba. Amma galibin motocin hannu da ke kasuwanninmu sun yi shekaru a Turai ko Amurka ta Arewa kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome. A ƙasashe irin su Jamus, Beljiyam, Suwis da Kanada, ana watsa gishiri a kan hanyoyi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana fantsama ƙarƙashin mota, ya shige cikin ƙarafa masu rami a ciki, ya zauna. Shi ya sa tsatsa irin wannan takan fara daga ciki ta fito waje. Lokacin da ka ga fenti ya kumbura, ƙarfen da ke bayansa ya riga ya yi nisa.

A Faransa, mota tana zuwa binciken lafiyarta na farko in ta kusa cika shekara 4, daga nan kuma duk bayan shekara 2. Idan binciken ya nuna tsatsar da ta raunana jikinta, gyaran yakan fi ƙarfin darajarta a can, sai mai ita ya sayar da ita da araha. Wasu daga cikin irin waɗannan motoci ne ke hawa jirgi su nufo Afirka.

Ba kowace tsatsa ce abin tsoro ba. Mataki uku gare ta. Na farko shi ne jan ƙura a saman ƙarfe, wanda in ka kankare da turnabis sai ƙarfe mai ƙyalli ya bayyana. Kusan kowace tsohuwar mota tana da shi a salansa da kawunan kusoshi, kuma ba ya hana saye. Na biyu shi ne ƙarfen da ya fara ɓarewa, yana tashi ɓawo-ɓawo kamar ɓawon itace. A nan kaurin ƙarfen ya ragu, sai an kankare an ga abin da ya saura. Na uku shi ne ƙarfen da ya huje, ko wanda ke lotsawa in an danna shi.

Kunne yana taimakon ido. Ka ɗan buga wurin da guduma a hankali. Ƙarfe mai lafiya yana ba da amo mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake, wani lokaci har ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Sannan ka danna bakin turnabis da ƙarfin hannu. In ya shige, magana ta ƙare.

Wurin da tsatsar take ya fi yawanta muhimmanci. Ƙananan motoci irin su Corolla, Avensis ko RAV4 ba su da shasi dabam, jikin motar ne da kansa yake ɗauke da komai. Don haka ka bi dogayen ƙarafa biyu da suka tashi daga gaba suka nufi baya a ƙarƙashin daɓen motar, waɗanda makanikai ke kira lonjaron. Ka duba gindin jiki a ƙarƙashin ƙofofi, musamman inda ake kafa kirik. In wurin ya murƙushe ya shige ciki, alama ce ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyin motar. Ka duba barso, firam ɗin da ƙafafun gaba ke ɗaure a jikinsa, da wuraren da rasor da ƙafafun baya suke haɗuwa da jiki. A motoci masu shasi irin su Hilux da Land Cruiser, shasin kansa ake bi tun daga gaba har baya, a fi mai da hankali kan gefensa na ciki da wajen ƙafafun baya, inda laka ke taruwa.

Masu binciken mota a Birtaniya suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: tsatsar da ta raunana ƙarfe a cikin tazarar santimita 30 daga inda ƙafa, sitiyari, birki ko bel ɗin kujera ke ɗaure, tana kayar da mota a bincike. Santimita 30 ya ɗan fi taƙi ɗaya. Ka yi aiki da wannan ma'auni. Huji a salansa ko a gindin but, inda tayar safiya ke zama, mai walda zai toshe shi. Huji kusa da inda ƙafa ke riƙe kuwa, ran da motar ta faɗa rami da lodi a hanyar Dakwaro, nan ne zai yage.

Kada a manta da siraran bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya. Su ne ke ɗauke da man birki da man fetur. Bututun birkin da ya yi ƙuraje-ƙuraje na tsatsa yana iya fashewa daidai lokacin da aka taka birki da ƙarfi. Ana canja shi, kuma ba shi da tsada sosai, amma ba a hawa hanya da shi a haka.

Akwai kuma ɓoyayyar tsatsa. Idan ƙarƙashin motar da ta shekara 15 ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, an fesa masa baƙin fenti mai kauri kamar kwalta har bisa kusoshi da robobi da bututu, ka tambayi dalili. Kamfani ba ya fesa wa kusoshi da salansa irin wannan. Ka danna da yatsa, in yana da taushi ko yana manne wa hannu, sabo ne. A gindin ƙofofi kuma ka bi da maganaɗisu: yana kama ƙarfe, amma ba ya kama mastik ɗin da aka cike rami da shi. Haka nan busasshiyar laka a saman tankin mai, cikin ramukan ƙarfe da ƙarƙashin kafet tana nuna motar ta taɓa nutsewa a ruwa, abin da ya kamata a lura da shi tun bayan ambaliyar 2024 da ta shafi Maradi da Yamai da wasu garuruwa.

Ƙafafu: abin da hanyoyinmu ke ci

In tsatsa tsarabar Turai ce, lalacewar ƙafafu kuwa akasari aikin hanyoyinmu ne: ramuka, hanyar laterit mai gargada, lodi fiye da kima, da zafin da ke busar da roba.

Fara da tayoyi tun motar tana ƙasa, ka shafa tafin hannu a kansu. Tayar da ta cinye ta gefe ɗaya kawai tana nuna ƙafar ba ta tsaya daidai ba, ko don ba a daidaita ta ba, ko don wani ƙarfe ya lanƙwashe. Tayar da ta cinye tudu da kwari, wani wuri ya lotsa wani ya taso, tana nuna amortisar ya mutu, tayar tana tsalle a kan hanya. Sababbin tayoyi a gaba kawai suna iya zama gyara na gaskiya, suna kuma iya share wannan shaida, don haka sauran gwajin ya zama dole.

Amortisar, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira shokazoba, mai ne a cikinsa. Ka haska jikinsa. Ɗan danshi da ƙura ta manne a sama ba wani abu ba ne, amma in mai ya gangaro har ƙasa ya jiƙe shi, ya gama aiki. Ka danna kusurwar motar da nauyinka ka saki: ta taso ta tsaya. In ta yi lilo sau biyu ko uku, amortisar ɗin wannan gefen ya tafi. Ana canja su bibbiyu ne, dama da hagu tare, don haka ka lissafa kuɗin biyu ko da ɗaya ne ya lalace. Ka kuma duba rasor, domin tsatsa takan karya zagayensa na ƙarshe a ƙasa, inda ido ba ya saurin kaiwa.

Sai a ɗaga ƙafar gaba ta bar ƙasa. Kama tayar da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza ta ciki da waje. Bai kamata ka ji motsi ba. In akwai ƙwas-ƙwas, to ko rotil na ƙasa ne, ko rulma, wanda wasu ke kira boris. Ga yadda ake bambancewa: wani ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulma ne, in yana nan, rotil ne. Daga nan ka kama tayar dama da hagu ka girgiza. Motsi a nan yana fitowa ne daga sandunan da ke haɗa sitiyari da ƙafa, kuma makanike da ke ƙasa zai ɗora hannu a kan kowace gaɓa ya ji wadda ke wasa. A ƙarshe ka juya tayar da hannu, in tana gurnani, rulma ya ci.

Rotil gaɓa ce mai kai kamar ƙwallo, tana cikin ƴar robar da ke riƙe giris. Da zarar robar ta yage, yashi ya shiga, sai ya riƙa goge ƙarfen. Rotil ba shi da tsada, amma shi ne ke riƙe da ƙafa. Motar da ka gani a bakin hanya ƙafarta ta gaba ta kwanta waje guda, galibi rotil ne ya fita. Saboda haka ba a jinkirta canja shi.

Silanbulok kuwa robobi ne masu kauri da ke tsakanin ƙarfen ƙafa da jikin mota. A sa ƙarfen banƙara taya a ɗan banƙara kusa da su. Ƙananan tsage-tsage a fuskar roba tsufa ne kawai. Robar da ta rabu da ƙarfenta, ko ƙarfen da ke motsi har yana bugun ɗan'uwansa, wannan sai canji.

Kafin a sauke motar, a duba kardan, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Kowane ƙarshensa yana cikin roba mai ninki-ninki da ake kira sufule. In ta yage, za ka ga baƙin giris ya fantsama a zagaye, a cikin taya da kewayenta. In an kama abin da wuri, roba da giris kawai za a canja. In an daɗe ana tafiya a haka, yashi ya cinye gaɓar. Gwajinsa shi ne a karya sitiyari har ƙarshe a tafi a hankali cikin da'ira: ƙarar ƙat-ƙat-ƙat na nufin kardan ɗin kansa za a saya.

Yoyon mai: bi sawu zuwa sama

A nan ƙurarmu tana taimakon mai saye, domin duk inda mai ya fita, ƙura na manne masa ta yi baƙin dabbare. Shi ya sa injin da aka wanke tas ana gobe za a nuna maka shi ba ya gaya maka komai. Maganin wannan shi ne a tuƙa motar minti 15 zuwa 20 har inji ya yi zafi, mai ya tsinke, sannan a tsayar da ita bisa kwali, a bar ta tana aiki wasu mintuna, a kashe, a sake shiga ƙasa da cocila.

Ka dangwali abin da ya ɗiga da farin tsumma. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa, yana da santsi. Man giya mai canja kanta galibi ja ne, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa. Man giyar hannu da na difaransiyel yana da kauri da wari mai ƙarfi kamar na farar wuta. Ruwan radiyeta kore ne ko ja-ja, in ya bushe yakan bar farin gari. Man birki kusan fari ne ko rawaya-rawaya, ana ganinsa a bayan taya ko a jikin bututu. Ruwa zalla da ke ɗiga ta wajen ƙafar fasinja in na'urar sanyi na aiki ba lahani ba ne, raɓar na'urar ce.

Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana tura shi baya in ana tafiya. Don haka inda ka ga ɗigo ba lalle nan ne tushen ba. Ka bi jiƙar zuwa sama da gaba har inda ta fara. Sau da yawa karter, kaskon da mai ke taruwa a gindin inji, yakan jiƙe sharkaf alhali yoyon daga juwan ɗin murfin saman inji yake, wanda canja shi aikin awa ɗaya ne ko biyu. Ka duba karter ɗin kansa ko dutse ya lotsa shi, da kuma kusar bidanji. In an shafe ta da gam ko an naɗe ta da zare, haƙoranta sun cinye.

Wurin da ya fi tsada shi ne mahaɗar inji da giya. Man inji da ke ɗiga daga nan, in sama a bushe take, yawanci daga juwan sipi na bayan inji yake. Robar kanta ƴar ƙarama ce, amma sai an sauke giya gaba ɗaya kafin a kai gare ta, kuma a mota mai giyar hannu man yana iya jiƙa faifan kuloci. Yoyon man birki da na fetur kuwa ba a sa su a sahun abin da za a gyara daga baya. Ko a gyara kafin motar ta bar gareji, ko a fasa.

Misali: Corolla biyu, hukunci biyu

A ce an nuna maka Toyota Corolla ta 2005 mai amfani da fetur, mai ita ya ce miliyan 3 da jaka 200 na sefa. A fos, an ga jan ƙura a salansa da ƙarfen ƙafafun baya, amma turnabis bai shiga ko'ina ba, guduma kuma ta ba da amo mai kaifi a lonjaron duka biyu. Amortisar na gaba na dama ya jiƙe da mai. Da aka girgiza ƙafar hagu sama da ƙasa an ji motsi, aka taka birki motsin bai ɓace ba, wato rotil ne. Sufule ɗaya ya yage, amma da aka zagaya cikin da'ira ba a ji ƙara ba. Bayan tafiyar minti 20, an ga mai a bayan inji ta gefen da bel yake. Da aka bi shi sama, sai aka tarar yana fitowa daga wani ɗan ƙarfe da ke matse sarƙar inji. Wannan yoyo sananne ne a injinan fetur na Corolla na waɗannan shekaru, kuma ƴar zoben roba ce ake canjawa ba tare da an sauke inji ba. Mahaɗar inji da giya a bushe take.

Duk abin da aka samu a nan yana da farashi. Makanike ya rubuta: amortisar biyu, rotil, sufule da giris, zoben roba, bidanji na mai kusan lita 4, daidaita ƙafafu bayan an gama, da kuɗin hannu. Ka kira mai sayar da kayan gyara tun kana wurin ka ji farashin ranar, na sabo da na hannu. A ce jimillar ta kama jaka 180. Da wannan takarda za ka koma wajen ciniki, ka nemi a sauko zuwa wajen miliyan 3, ko kuma mai mota ya gyara a garejin da ka yarda da shi kafin ka biya.

Yanzu a ce ga wata Corolla irinta, fentinta ya fi na farko kyau, babu ɗigon mai ko ɗaya, an ma rage maka jaka 300. Amma ƙarƙashinta an fesa sabon baƙin fenti, wurin kafa kirik na baya ya murƙushe, kuma da aka danna turnabis taƙi ɗaya daga inda ƙafar baya ke ɗaure, ya shige. Mai walda zai ce maka zai liƙa faci. Sai dai faci yana riƙe ne in ƙarfen da ke kewaye da shi lafiyayye ne, tsatsar da ta huda wuri ɗaya daga ciki kuwa ta riga ta sirantar da maƙwabtansa. Ta farko, mai lahani biyar, ita ce abin saye. Ta biyu, mai lahani ɗaya, ita ce abin bari.

Duk abin da aka gani a fos, ka ɗauki hotonsa da waya, makanike ya rubuta shi a takarda, kuma a yi wannan kafin ka ba da ko da kuɗin kafin alƙalami ne. Bayan an biya an canja sunan kartagiriz, duk abin da ke ƙarƙashin motar ya zama naka.